Yadda Ƙafafu Huɗu Ke Juya Moton Sitefa

Moton sitefa inji ne na lantarki da ke juyawa taki-taki. A tsakiyarsa akwai maganaɗisu mai juyi, kewaye da shi kuma akwai naɗin waya da masu gyara ke kira koyil. Idan aka ba koyil ɗaya wuta, sai ya jawo maganaɗisun ya tsayar da shi a gabansa. Juyi yana samuwa ne idan aka riƙa kunna koyil-koyil ɗin bi da bi, don haka sirrin aikin duka yana cikin jerin kunnawar.

Wanda ɗalibai suka fi samu shi ne 28BYJ-48, ɗan ƙaramin moto mai aiki da bolt 5, irin wanda ke kaɗa fukafukan bakin na'urar sanyaya ɗaki. Wayoyinsa biyar ne. Ja ita ce ta wutar da kowa ke sha, sauran huɗun kuwa, shuɗiya da ruwan hoda da rawaya da ruwan lemo, kowace tana riƙe da rabin koyil. Kowane rabi yana jan miliamfa 100 ko fiye, alhali ƙafar allon Arduino Uno ba a so a ɗora mata fiye da 20. Shi ya sa ake sa allon ULN2003 a tsakani: ƙafafun 8, 9, 10 da 11 na Arduino su shiga IN1 zuwa IN4, shi kuma ya ɗauki nauyin wutar.

A rubuce, 1 na nufin an kunna, 0 an kashe. Jeri mafi sauƙi shi ne a kunna ɗaya-ɗaya: 1000, 0100, 0010, 0001. Ba ya cin wuta sosai, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Cikakken taki da aka fi amfani da shi yana kunna maƙwabta biyu a tare: 1100, 0110, 0011, 1001. Biyun suna ja lokaci guda, maganaɗisun ya tsaya a tsakaninsu, ƙarfin juyi ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, wutar da ake ci kuwa ta ninka. A duka jerin biyu tsawon takin ɗaya ne, digiri 11.25, wato taki 32 a zagaye guda na cikin moton.

Rabin taki kuwa saƙa jerin biyun ne: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Maganaɗisun ya tsaya gaban koyil, sannan tsakanin biyu, sannan gaban na gaba. Jerin ya zama takwas, kowane taki digiri 5.625, zagaye ya zama taki 64. Da yake giyar cikin moton tana rage gudu kusan sau 64, sandar waje tana bukatar kimanin cikakken taki 2048, ko rabin taki 4096, kafin ta zagaya sau ɗaya. Tafiyar ta fi laushi, sai dai ƙarfin yana hawa yana sauka daga taki zuwa taki.

Tebur ɗaya ya wadatar ga duka ukun:

```
const byte jeri[8] = {0b1000, 0b1100, 0b0100, 0b0110,
                      0b0010, 0b0011, 0b0001, 0b1001};
void taki(int i) {
  for (int k = 0; k < 4; k++)
    digitalWrite(8 + k, bitRead(jeri[i & 7], 3 - k));
}
```

Bayan an mai da ƙafafun huɗu na fitarwa da `pinMode`, ana kiran `taki(i)` ana ƙara `i` da ɗaya don rabin taki. Idan aka fara daga 1 ana tsallake da biyu, cikakken taki ne. Rage `i` yana juyar da moton baya, `i & 7` kuma yana mai da lissafi farkon tebur duk sanda ya kai ƙarshe. Kwatan zagaye, digiri 90, rabin taki 1024 ne. Da jinkirin `delay(2)` tsakanin taki, zai ɗauki daƙiƙa biyu da 'yan kai.

Matsalar da ta fi wahalar da masu koyo ita ce moto ya yi ta karkarwa ba ya tafiya, ko ya ƙi komawa baya. Yawanci jeri ne ya rikice. IN1 da IN3 rabi biyu ne na koyil guda, suna ja ta fuskoki masu gaba da juna, don haka 1010 yana cin wuta ba tare da ya ja komai ba. Ga mai amfani da `Stepper.h` na Arduino, wannan ne dalilin da ya sa ake rubuta ƙafafun 8, 10, 9, 11. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kai jinkiri zuwa `delay(500)` a kalli fitilu huɗun da ke kan allon ULN2003, dole hasken ya riƙa tafiya daga fitila zuwa maƙwabciyarta.

Idan jeri daidai yake amma moton na kuka a tsaye, gaggawa ce ta yi yawa, domin da wuya wannan moto ya wuce zagaye 15 a minti. Ba ya kuma sanar da cewa ya ɓatar da taki. Arduino zai ci gaba da ƙirga kamar komai lafiya. Idan aiki ya ƙare kuma ba a bukatar sandar ta riƙe kaya, a aika 0000 ga ƙafafun huɗu, in ba haka ba koyil zai ci gaba da shan wuta yana zafi ko da moton na tsaye.