Ina Iska Ta Tsaya, Yaya Ta Fita? Sirrin Furucin Baƙaƙe

Bara, dara, gara. Kalmomi uku ne da ba abin da ya haɗa ma'anarsu, amma baƙin farko kaɗai ya raba su a rubuce. Duk wanda ya faɗe su a hankali zai ji cewa aiki ɗaya baki yake yi sau uku: a tare iskar da ta taso daga huhu, sannan a sake ta farat ɗaya. Abin da ya sauya shi ne inda aka tare ta. A b leɓɓa biyu ne suka haɗu. A d tsinin harshe ne ya taɓa hanƙa, wato tudun nan na bayan haƙoran sama. A g kuwa doron harshe ne ya tashi ya manne da hanɗa, can wurin da rufin baki yake da taushi.

Wannan shi masana tsarin sauti suke kira wurin furuci, kuma daga gare shi baƙi yake samun suna: b baleɓe ne, d bahanƙe, g bahanɗe.

To, amma sanin wuri kaɗai ba ya isa. Dare da zare duk a hanƙa suke farawa, haka ma dama da nama, amma kunne ba ya rikita su. A nan yanayin furuci ya shigo, wato yadda aka yi da iskar bayan gaɓoɓin sun kusanci juna. A d an toshe hanya gaba ɗaya, shi ya sa ake ce masa tsayau. A z an bar 'yar ƙafa ƙunƙunta, iska tana kurɗawa da zuza, sai aka kira shi zuzau. A n baki a toshe yake kamar a d, sai dai hanɗa ta sauko ta buɗe wa iska hanyar hanci, don haka ɗan hanci ne. Wuri ɗaya, yanayi uku.

Rabon nan ya daɗe. Ɗalibin tajwidi ya san maharijul huruf, wuraren fitar haruffa, daban da sifofinsu, kuma Sibawaihi ya yi bayanin duka biyun a littafinsa Alkitab tun ƙarni na 8. Jadawalin ƙungiyar masana furuci ta duniya, wadda aka kafa a Faris a 1886, shi ma a kan haka aka gina shi: wurare a jere daga leɓɓa zuwa maƙogwaro, yanayi kuma daga sama zuwa ƙasa.

Hausar yau da kullum tana nuna cewa kowane ɗaya yana iya sauyawa ya bar ɗan'uwansa. A ɗauki n ta mallaka a "gidan Dauda", "gidan Bala" da "gidan Kande". A na farko n ce sak, a hanƙa. A na biyu leɓɓa sun riga sun rufe don shirin b, sai a ji "gidam Bala". A na uku kuwa sautin ya koma hanɗa, inda k take jira. Sau uku wuri yana ƙaura, amma iska ba ta daina bi ta hanci ba.

Mai mura kuma akasin haka yake samu. Hancinsa ya toshe, sai m ta yi kama da b, n ta yi kama da d, har nama ya kusa zama daba. Leɓɓansa da harshensa suna nan inda suka saba, yanayin ne ya lalace. Wani lokaci ma duka biyun suke sauyawa: daga mota zuwa motoci, t ta ja baya daga hanƙa, ta kuma tashi daga tsayau ta zama c, wadda ake toshe wa iska sannan a sake ta da zuza.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a jarrabawa shi ne a tambaye su wurin furucin s, su amsa da zuzau. Gwaji biyu suna maganin wannan. Don gane wuri, mutum ya tsaya gaban madubi ya lura da gaɓoɓin da suka haɗu. Don gane yanayi, ya gwada jan sautin: s tana jawuwa har numfashi ya ƙare, t ba ta jawuwa, m kuwa tana jawuwa amma da an matse hanci sai ta mutu.

Cikakken bayanin baƙi yana buƙatar abu na uku, wato ko tantanin maƙwallato yana kaɗawa ko ba ya yi. Shi ne ya raba s da z, domin dukkansu a hanƙa ake furta su, kuma dukkansu zuzau ne.