Kwalba Biyu a Ɗakin Gwaje-gwaje

A darasin fitar da sinadarin kafin daga ganyen shayi, ɗalibai kan yi amfani da wani ruwa mai narkar da abubuwa, wato dikuloromiten (CH2Cl2), sannan su ɗauraye kayan gilas da asiton. A ce ɗalibai 40 ne, kowa ya ɗebi mililita 30. Kafin a tashi an tara fiye da lita guda ta gurɓataccen ruwa. Ina za a kai shi?

Ba dai magudanar ruwa ba. Dikuloromiten ya fi ruwa nauyi, sai ya kwanta a lanƙwasar bututu yana fitar da tururi mai guba. Asiton kuwa ƙyastu kaɗan ya ishi tururinsa ya kama da wuta.

Ƙa'idar aiki ta ce a tanadi kwalba biyu. Ɗaya ta masu kulorin ce, irin su dikuloromiten da kulorofom; ɗayar kuma ta marasa shi, kamar asiton da itanol. Dalilin yana wajen ƙonawa. Idan aka ƙona mai kulorin, hayaƙin asid yake fitarwa, don haka sai a tanda ta musamman mai tace hayaƙi, kuma da tsada. Ɗalibi ɗaya ya tsiyaya mai kulorin a kwalbar asiton, duk kwalbar ta koma wancan rukuni. Shi ya sa asiton da aka ɗauraye gilas mai dikuloromiten da shi, kwalbar masu kulorin zai tafi.

Tun kafin ɗigon farko ake manna takarda a jikin kwalba, a rubuta cikakken sunan abin da zai shiga da kwanan wata. A zuba cikin akwatin zuƙe tururi, da tabarau da safar hannu. Safar naitiril ta yau da kullum ba ta daɗewa gaban dikuloromiten. Ya taɓa ta, a cire nan take. An gama, a zare mazurari a rufe murfi.

Kada kwalba ta wuce kashi 80 cikin 100. Wannan ya fi shafar mu, domin dikuloromiten yana tafasa a wajen digiri 40, zafin da Sakkwato da Maiduguri kan haura a watan Afrilu. A ajiye ta cikin faranti mai zurfi, a inuwa, nesa da wuta, har kamfani mai lasisi ya zo ya kwashe.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne zuba asid naitirik a ɗayansu. Ba lallai a ga komai nan take ba. Iska ce za ta yi ta taruwa har kwalbar ta tarwatse. Duk wanda ya ji kwalba ta yi ɗumi, ko ya ga jan hayaƙi, kada ya ɗaure murfin. Ya ja gilashin akwatin ƙasa, ya fitar da mutane, ya kira malami.