Hoton Rasit a Waya: Yadda Za Ka Tantance Harajin da Aka Ɗora Maka

Ka aiki yaro kanti ya sayo fenti da tayil, ya turo maka hoton rasit ta WhatsApp domin ka tura kuɗi. Kafin ka tura, layuka uku na ƙasan takardar su ne abin dubawa: Subtotal, wato jimillar kuɗin kaya kafin haraji, sai VAT, sai Total.

A Najeriya harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 ne tun ranar 1 ga Fabrairun 2020. Kafin nan kashi 5 ne, kuma akan ci karo da tsohon littafin rasit da ke ɗauke da 5 ɗin. A Nijar kuwa, inda ake rubuta TVA, ainihin kason 19 ne.

Amma kason da aka buga a takarda ba hujja ba ne. Lissafi ne hujja. A ce kuɗin kaya naira 240,000 ne, haraji 18,000. Ɗauki kalkuleta ka raba 18,000 da 240,000, za ka samu 0.075, wato kashi 7.5 cif. Ka haɗa su biyun, dole su ba da 258,000.

To idan ka ga 19,350 a layin harajin fa? Wannan adadi yana da tushe: kashi 7.5 ne na 258,000. Ma'ana farashin ya riga ya haɗa da haraji, aka sake ɗora wani a kansa. Idan mai kanti ya ce da haraji a cikin farashinsa, raba jimillar za ka yi da 1.075, ka samu 240,000, ragowar 18,000 ita ce harajin.

Idan kason ya fito ƙasa da 7.5, kada ka yi saurin cewa an yi kuskure. Magunguna da littattafai da kayan abinci na yau da kullum ba a caje su VAT. Da a ce littattafan 40,000 na cikin wancan 240,000, harajin zai hau kan 200,000 ne kawai, ya zama 15,000. Rangwame ma haka, ana cire shi tukuna sannan a lissafa.

Sai kuma shi hoton kansa. Rasit ɗin inji yana koɗewa, hasken filasha yana cinye lamba, ninkin takarda kan faɗa daidai kan ɗigo, sai 7.5 ya koma 75. Lamba 3 da 8 sukan rikice, haka 1 da 7 a rubutun hannu. Sa'ar ita ce layukan nan uku suna tona asirin juna: idan biyu sun fito sarai, ka haɗa kuɗin kaya da haraji ko ka cire ɗaya daga jimilla, na ukun zai bayyana. Idan biyu ne suka dushe, ka ce yaron ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya kashe filasha, ya sake ɗauka daga sama, kuma ya turo hoton a matsayin Document don kada manhajar ta rage masa kaifi.