Daga hoton takardar ƙirga zuwa darajar kaya

Idan shekara ta ƙare, aka ƙirga kayan shago, aka ɗauki hoton takardar da waya, aiki bai ƙare ba tukuna. Sai an kwafe ta layi bayan layi zuwa Excel: sunan kaya, ma'auni, adadi, da kuɗin da aka sayi guda. A buɗa hoton sosai, domin rubutun hannu kan sa 1 ya yi kama da 7, ninkin takarda kuma kan ɓoye layi sukutum.

Inda na fi ganin ana tafka kuskure shi ne ma'auni. A ce an rubuta "sabulu 12", katon ne ko ƙwaya? In katon na ɗauke da ƙwaya 48, bambancin ninki 48 ne. Kada a yi hasashe, a tambayi wanda ya ƙirga.

Farashin da ake sawa na sari ne daga rasit, haɗe da kuɗin mota da dako, ba na sayarwa ba. A ce an saro katon 10 a kan naira 9,000, daga baya wasu 10 a kan 11,000, yanzu saura 12. In an ɗauka na farkon shigowa ne suka fara fita, sauran su ne 10 na 11,000 da 2 na 9,000, jimla 128,000. In da matsakaicin farashi aka bi, wato 10,000, sai a samu 120,000. Duka biyun karɓaɓɓu ne, muddin ba a sauya hanya kowace shekara ba. Katon da ruwa ya ɓata kuwa, a rubuta shi a kan abin da zai iya kawowa in ya gaza kuɗin sarinsa.