Kobo ɗaya da ya ɓata a cikin kwamfuta

Ka buɗe manhajar Python, ka ce ta ninka naira 4.35 sau ɗari don ta koma kobo. Ko ɗan firamare zai ce maka 435. Ga abin da kwamfuta ke cewa:

```
>>> 4.35 * 100
434.99999999999994
>>> int(4.35 * 100)
434
```

Kobo ɗaya ya yi ɓatan dabo, alhali ba wanda ya sata.

Dalilin yana cikin yadda kwamfuta ke ƙirga. Mu da goma-goma muke lissafi, ita kuwa da bibbiyu: rabi, kwata, rabin kwata, haka har ƙasa. Ka gwada rubuta ɗaya bisa uku da alƙalumanmu, 0.3333, za ka gaji ba ka kai ƙarshe ba. To haka kobo goma, wato 0.1, yake a wajenta. Gurbin da take ajiye lamba yana da iyaka, sai ta yanke wutsiyar ta riƙe abin da ya fi kusa. Ƙa'idar IEEE 754 ta shekarar 1985 ce ta tsara hakan, kuma ta wadatar wajen auna zafi ko nisa. Amma kuɗi ƙirga su ake yi, kuma mai shagon da littafinsa ya ƙi daidaituwa da dare ba ya son jin "kusan daidai". Alamar ciwon ke nan: jimlar rasitai ta saɓa wa jimlar asusu da kobo ɗaya ko biyu, a duba a rasa inda aka yi kuskure.

Maganin da masu rubuta manhaja suka fi amincewa da shi shi ne a raba kuɗi da ɗigo tun daga ƙofa. Naira 4.35 a ajiye ta 435, naira 5,000 kuma 500000, a tara a ɗebe duk da kobo. Cikakkiyar lamba ba ta da wutsiyar yankewa. Sai an zo nuna wa mutum ko buga rasit ake mayar da ɗigon. Kamfanin Paystack ma da kobo yake karɓar adadi, don haka wanda ya manta ya tura 5000 yana nufin naira, naira 50 kawai za a cire wa mai saye.

Inda nake so a fi lura shi ne rabo, domin nan dabarar ba ta yi maka aikin. Raba naira 100 ga mutum uku: kobo 10000 ne, kowa ya sami 3333, saura kobo ɗaya. Dole ka yanke hukuncin wanda zai ɗauke shi, ka rubuta dokar cikin manhajar, in ba haka ba zai zube. Haka harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari yake barin ɓurɓushi, sai an tsai da ko sama za a cike ko ƙasa, kuma a yi sau ɗaya tak.

Kada kuma a ɗauka ko'ina da ɗari ake ninkawa. Sefar Nijar ba a raba ta a lissafin manhaja, dinarin Kuwait kuwa fils 1,000 ne, saboda haka ake ajiye sunan kuɗin kusa da adadinsa.