Ruwa da Lemon da Suka Yini a Mota: Wanne Za a Sha, Wanne Za a Zubar?

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 42 a Sakkwato ko Maiduguri, motar da aka faka a rana takan zama tanderu. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a Amurka a 2005 ya nuna cewa cikin mota kan fi waje zafi da kimanin digiri 22 bayan awa ɗaya, kuma mafi yawan hawan a cikin rabin awar farko yake. Sassauta gilashi kaɗan ma bai canza komai sosai ba. Ke nan wanda ya shiga kasuwa da azahar zai iya dawowa ya tarar da cikin motarsa ya haura digiri 60.

A ce a kujerar baya ya bar abubuwa huɗu: robar ruwa da ba a buɗe ba, gwangwanin lemo mai gas, kwalin lemon 'ya'yan itace, da gorar kunun aya. Da yawa daga cikin mutane robar ruwan za su fi tsoro, alhali ita ce mafi sauƙin lamari.

Tsoron ya samo asali ne daga saƙonnin da suka daɗe suna yawo a waya, masu cewa ruwan roba da ya ɗumama yana kawo sankarar mama. Babu binciken da ya tabbatar da haka. Robar ruwan sha, wadda a gindinta ake ganin lamba 1 cikin alamar kusurwa uku ko haruffan PET, ba a yin ta da sinadarin BPA da ake yawan ambata. Abin da ke cikinta shi ne ɗan ɓurɓushin wani ƙarfe mai suna antimoni, wanda ake amfani da shi wajen sarrafa robar, kuma gaskiya ne zafi na sa shi ya tsattsafo cikin ruwa. Sai dai a nawa, kuma cikin kwana nawa?

Masana a Jami'ar Jihar Arizona sun auna wannan a 2008. Ƙa'idar Amurka ita ce kada antimoni ya wuce maikirogiram 6 a kowace lita. Sun ƙiyasta cewa a digiri 60 sai roba ta yi kwana 176 kafin ta wuce wannan iyaka. A digiri 65 kwana 38 ne, a digiri 70 kuwa kwana 12. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fi wannan sassauci, domin maikirogiram 20 ce. Saboda haka robar da ta yi yini ɗaya a mota ba ta zama guba ba. Ruwan na iya yin ɗan warin roba, ya yi rashin daɗi a baki, amma matafiyin da ƙishirwa ta kama a hanya gara ya sha da ya bar kansa ya galabaita. A wasu ƙasashe ma da gangan ake shanya ruwa awa shida a rana cikin irin wannan roba don kashe ƙwayoyin cuta.

Waɗannan alƙaluma dai suna nuna inda damuwar take, wato tsawon lokaci. Katan ɗin ruwan da ya yi wata biyu a but ɗin mota, ko wanda mai shago ya jibge a bakin titi rana na dukansa tun safe har yamma mako bayan mako, shi ne abin dubawa. Mai saye na iya gane shi: takardar jikin robar ta koɗe, ledar katan ta yi rauni, wani lokaci robar ta ɗan lanƙwashe. Ledar fiyawota ma tana saurin ɗaukar warin roba idan ta daɗe a rana, shi ya sa ake rubuta a jikin irin waɗannan kaya cewa a ajiye su a inuwa.

Gwangwanin lemo matsalarsa daban. Gas ɗin da ke cikinsa yana zama a narke ne idan da sanyi. Da zafi ya ƙaru sai ya riƙa rabuwa da ruwan yana matsa bangon gwangwani, har gindin ya bultso ko murfin ya kumbura. A bazarar Amurka ta 2024 kamfanin jiragen sama na Southwest ya tabbatar da cewa gwangwanayen lemo da suka sha zafi a filayen jirgi irin na Finiks da Las Begas sun riƙa fashewa, har wasu ma'aikatan cikin jirgi suka ji rauni. Don haka gwangwani mai zafi ba a girgiza shi, ba a buɗe shi kusa da fuska. A bar shi ya huce tukuna. Idan bai kumbura ba kuma ba ya yoyo, lemon da ke ciki bai zama haɗari ba, ko da yake nau'in da ba sukari yakan yi salam, domin zafi na lalata sinadarin zaƙin da ake kira asfatem. Wanda ya huce amma har yanzu yana kumbure, ko ya yi tsatsa a bakinsa, jefar da shi ake yi.

Lemon kwali kuma an dafa shi a masana'anta aka rufe ba tare da iska ta shiga ba, shi ya sa yake zama a kan kanta ba firji. Yini ɗaya a mota zai rage masa bitamin C, ya ɗan dusashe launinsa, amma ba zai ruɓar da shi ba. Alamar ɓacinsa ita ce kwali ya kumbura, ko ya yi huci da kumfa idan an buɗe, ko ya yi tsami. Da zarar an huda shi kuwa, hukuncinsa ya koma na abu na huɗu.

Kunun aya, zoɓo, fura da nono, yogot, da duk lemon da aka sha aka rage, su ne ke kai mutum asibiti. Ba a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsu aka rufe ba, ga sukari ko madara da za su ci. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin na hayayyafa, kuma idan yanayi ya yi musu daidai sukan ninka kansu duk minti 20. A lissafa: gorar da ta fito daga firji da ƙwayoyi 1,000, bayan awa uku a ɗumi an ninka su sau tara, sun wuce 500,000. Kada a ce zafin motar zai kashe su. Gorar da ta shigo da sanyi a hankali take ɗumama, kuma a ƙarƙashin kujera takan yi awanni a daidai ɗumin da suka fi so.

Ƙa'idar da hukumar kula da lafiyar abinci ta Amurka ke bayarwa ita ce awa biyu a waje da firji, awa ɗaya kacal idan zafi ya wuce digiri 32. Ɗanɗanawa ba ta isa gwaji ba, domin wasu ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa ba sa canza wari ko ɗanɗano. Mayar da gorar firji ma ba ya gyara ta, sanyi dakatar da su kawai yake yi. An fi tsananta wannan ga yara ƙanana, masu juna biyu da tsofaffi.

Robar ruwan da aka kafa wa baki tana tsakiya. Ruwa ba shi da abincin da ƙwayoyin za su samu kamar kunu, amma yawu ya shiga, don haka a shanye ta a ranar, kada ta kwana biyu tana yawo a mota.

Direbobin da ke dogon zango suna da hanyar da ta fi sauƙi: kula da ƙanƙara a ciki, a ajiye ta a ƙasan kujera nesa da gilashi, sannan a sauke katan ɗin ruwa da na lemo a shigar da su ɗaki da zarar an isa gida.