Yadda kwamfuta ke ƙirga hargitsin jeri ba tare da duba kowace lamba da kowace ba

A ce alƙalai biyu sun jera 'yan takara shida, kowa bisa ganinsa. Ta yaya za a auna nisan saɓaninsu? Masanin ƙididdiga ɗan Birtaniya, Maurice Kendall, ya ba da amsa a 1938: a ɗauki 'yan takarar bibbiyu, a ƙirga wuraren da alƙali ɗaya ya sa wani a gaba, ɗayan kuma ya mai da shi baya. Idan aka ba su lambobi bisa jerin alƙali na farko, sai tambayar ta koma ta lissafi: a jerin na biyu, sau nawa babbar lamba ta riga ƙarama zuwa? Kowace irin wannan haɗuwa juyi ɗaya ce.

Ga jeri: 5, 2, 8, 1, 6, 3. Lamba 5 ta riga 2 da 1 da 3, juyi uku ke nan. Lamba 2 ta riga 1, ita kuma 8 ta riga 1 da 6 da 3, sannan 6 ta riga 3. Jimilla takwas.

Wannan ƙirga ta bi-ɗaya-ɗaya daidai take, amma tsadarta na hauhawa da sauri, domin yawan gwajin shi ne `n(n-1)/2`. Lambobi shida gwaji 15 ne kawai. Lambobi miliyan ɗaya kuwa kusan gwaji biliyan 500, kuma kwamfutar da ke yin gwaji miliyan 100 a daƙiƙa sai ta haura awa guda tana fama. Duk sanda jerin ya ninka biyu, aikin ya ninka huɗu.

Mafitar tana cikin wata dabarar jera lambobi da John von Neumann ya tsara a 1945, wadda masu rubuta manhaja suka sani da `merge sort`. Ana raba jeri gida biyu, a jera kowane gida daga ƙarami zuwa babba, sannan a haɗe su ta hanyar duba lambobin da ke gaba a kowane gida, a ɗauki ƙarama. Kowane juyi kuwa wuri uku kaɗai zai iya kasancewa: cikin gidan hagu, cikin gidan dama, ko kuma tsakaninsu. Biyun farko ana samun su ne ta sake raba kowane gida, har a kai ga lamba ɗaya tilo, wadda ba ta da juyi. Na ukun shi ne inda hikimar take.

A jerin da ke sama, hagu 5, 2, 8 ne, da juyi ɗaya. An jera shi ya zama 2, 5, 8. Dama 1, 6, 3 ne, shi ma da juyi ɗaya. Ya zama 1, 3, 6. Sai haɗewa. Aka gwada 2 da 1, sai 1 ta fita. Tun da hagu a jere yake, kuma ƙaramarsa ma ta fi 1, to sauran ba sai an duba su ba: juyi uku a gwaji ɗaya. Daga nan 2 ta fita, ba a ƙara komai ba, don daga hagu take. Da 3 ta fita, 5 da 8 ne suka rage a hagu, an ƙara biyu. Sai 5 ta wuce, 6 ta bar 8 ita kaɗai, an ƙara ɗaya. Shida ke nan, a haɗa da biyun farko, takwas cif.

Abin da aka ƙara wa tsohuwar dabarar layi ɗaya ne tak, na ƙarshe a nan:

```python
if hagu[i] <= dama[j]:
    jeri.append(hagu[i]); i += 1
else:
    jeri.append(dama[j]); j += 1
    juyi += len(hagu) - i
```

Jera gidajen bai ɓata ƙirgar ba, domin duk yadda aka motsa lambobin hagu a cikin gidansu, suna nan gaban na dama. Lambobi miliyan ɗaya sau 20 ake raba su kafin su kai ɗai-ɗai, kuma a kowane mataki aikin haɗewa bai wuce gwaji miliyan ɗaya ba. Kusan gwaji miliyan 20 ke nan a madadin biliyan 500. Ladan da ake biya shi ne ƙarin wurin ajiya daidai girman jerin, kuma wanda yake son jerinsa na asali sai ya yi aikin a kan kwafi.

Kurakurai biyu ne suka fi kama masu koyo. Wanda ya rubuta `<` a wurin `<=` zai ƙirga lambobi masu daraja ɗaya a matsayin juyi, sai jerin 4, 4 ya ba shi ɗaya alhali sifiri ne. Na biyun ya fi haɗari, don ba ya nuna kansa a ƙananan gwaje-gwaje. A yaruka irin C++ da Java, ma'ajiyar `int` ta yau da kullum ba ta ɗaukar abin da ya haura 2,147,483,647, alhali lambobi 65,537 da aka jera daga babba zuwa ƙarama sun riga sun zarce haka. Alamarsa ita ce amsa ta fito ƙasa da sifiri ko ta yi ƙanƙanta fiye da kima, maganinsa kuma `long long` a C++ ko `long` a Java.

Duk wanda ya rubuta nasa, ya fara gwada shi da jeri biyu. Wanda yake a jere dole ya ba da sifiri, lambobi 100,000 da aka juya daga babba zuwa ƙarama kuma dole su ba da 4,999,950,000.